Nijar za ta iya tare mana ruwan Kwara? Amsa kan dam ɗin Kandaji

"Assalamu alaikum Injiniya. Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Mata gardama ta kaure kan dam ɗin Kandaji da Nijar ke ginawa. Wasu sun ce ruwan da ya ratsa ƙasarsu nasu ne, in sun ga dama su tare shi Kainji ya bushe. Wasu kuma sun ce ai mu muka riga gina namu don haka ba su isa ba. Dan Allah a dokar duniya wa ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaida min 'yan majalisa, ka ce musu duka ɓangarori biyun ba wanda doka ta ba gaskiya, amma kuma kada su ji komai, don maganganun nan biyu da suka yi manyan ƙasashe sun riga su faɗa, an daɗe ana kai ruwa rana a kansu kafin a ajiye su.

Maganar farko, ta cewa ruwan da ke ƙasata nawa ne, wani babban lauyan gwamnatin Amurka mai suna Judson Harmon ne ya fi shahara da ita. A 1895 Meziko ta yi kukan cewa manoman Amurka suna shanye kogin Rio Grande kafin ya iso mata, shi kuma ya ba da fatawa cewa Amurka ba ta da wani nauyi a kanta, ruwa yana cikin iyakarta sai yadda ta yi da shi. To ita kanta Amurkan ba ta daɗe a kan wannan ra'ayi ba, dalili kuwa mai sauƙi ne, akwai kogunan da ita ce a ƙasa Kanada a sama, in ta dage kan fatawar nan ita ma za a yi mata. Magana ta biyu, ta cewa ni na riga don haka kada wanda ya taɓa min ruwa, ita ce Masar ta daɗe tana riƙe da ita a kan kogin Nilu, inda a 1959 ita da Sudan suka zauna su biyu suka raba ruwan, Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5, Habasha wadda mafi yawan ruwan daga duwatsunta yake gangarowa ko tambayarta ba a yi ba. Ka ga inda abin ya kai, Habasha ta fara gina babban dam ɗinta a 2011 kuma ta gama.

Abinda duniya ta tsaya a kai shine tsakiya: kowace ƙasa da kogi ya ratsa tana da haƙƙin amfani da shi, amma bisa adalci da kuma daidai hankali, tana la'akari da sauran. An fara rubuta wannan a tsare a ƙa'idojin Helsinki na 1966, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da shi yarjejeniya ranar 21 ga Mayu 1997. Ƙasashe 103 suka amince, uku suka ƙi, wato Sin da Turkiyya da Burundi, kuma ba mamaki in ka lura dukkansu ƙasashen sama ne a kogunansu. Yarjejeniyar ta fara aiki a watan Agusta 2014 bayan ƙasa ta 35 ta shiga. Abinda ya shafe mu shine Najeriya ta shiga a 2010, Nijar ta shiga a 2013, kenan mu da su duka igiya ɗaya ta ɗaure mu.

Ni kam duk lokacin da nake bayanin nan ga mutanenmu nakan ce ba baƙon abu bane a wajenmu. Malamai suna karantar da hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kan ruwan kwari a Madina, cewa na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. Ba a hana na sama sha ba, ba a kuma bar shi ya riƙe yadda ya so ba, an sa masa ma'auni. Duk rigimar dokar ruwa ta duniya a kan wannan ma'aunin take, ina idon sawun yake in ana maganar ƙasa da ƙasa.

Adalci ba raba daidai bane

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Adalci a wannan doka ba ya nufin a raba ruwa biyu kowa ya ɗauki rabi, ba kuma ya nufin a raba gwargwadon tsawon kogi a kowace ƙasa. Sashe na 6 na yarjejeniyar ya kawo abubuwa bakwai da ake ɗorawa a sikeli, kamar yanayin ƙasar da yawan ruwan saman da take samu, yawan mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan kogin, amfanin da ake yi da ruwan yanzu da wanda za a iya yi nan gaba, illar da amfanin wannan zai yi wa wancan, da ko ƙasa tana da wata mafita in ba kogin ba. Ba a ba kowanne maki ba, ba a ce wannan ya fi wancan ba, an ce a haɗa su duka a duba. Abu ɗaya aka ɗan ɗaga sama a sashe na 10, shine ruwan da ɗan Adam ke bukata don ya rayu, na sha da na abincin da zai hana shi yunwa.

Ka lura da jimlar nan, amfanin yanzu da na nan gaba. Ita ce ta rushe hujjar 'yan majalisarku masu cewa mu muka riga. Kasancewar an gama Kainji tun 1968 hujja ce mai nauyi, za a saka ta a sikeli, amma ba ta rufe wa Nijar ƙofa ba har abada. Da haka ne da duk ƙasar da ta riga samun kuɗi ta gina dam sai ta mallake kogi, talakan maƙwabcinta ya zauna yana kallon ruwa na wuce ƙofar gidansa.

Sai kuma sashe na 7 wanda shi ne garkuwar na ƙasa: kowace ƙasa ta ɗauki duk matakin da ya dace don kada ta jawo wa wata babbar illa. A kula, ba a ce kowace irin illa ba, an ce mai girma, wadda za a iya aunawa a nuna. Kuma in illar ta faru duk da haka, ba a ce a rushe dam ba, an ce a zauna a ga yadda za a kawar da ita ko a rage ta, har a yi maganar diyya in ta kama. Ƙasashen sama suna son sashe na 5 mai kafa ƙa'idar adalci da na 6, na ƙasa suna son na 7, shi ya sa Masar da Habasha duka suka ƙaurace wa ƙuri'ar 1997, kowacce tana ganin an fifita ɗayar.

Mu ɗora Kandaji a sikeli

Kandaji yana yankin Tilaberi, wajen kilomita 180 sama da Yamai. An aza harsashinsa a 2008 zamanin Tandja Mamadou, tun daga nan aikin ke tafiya yana tsayawa. An tsara zai riƙe ruwa kubik mita wajen biliyan ɗaya da rabi, ya ba da wuta megawat 130, ya shayar da hekta wajen 45,000, sannan ya tabbatar ko a tsakiyar bazara ruwan da ke gangarawa bai gaza kubik mita 120 a daƙiƙa ba.

Yanzu kwatanta. Ruwan da ke wucewa ta Yamai a shekara mai matsakaicin ruwa yana tsakanin biliyan 25 zuwa 30. Tafkin Kainji shi kaɗai yana ɗaukar biliyan 15. Kenan ko da Nijar ta rufe ƙofofin Kandaji ruf, cikinsa ba zai ɗauki fiye da kashi biyar ko shida cikin ɗari na ruwan shekara ba, in ya cika dole ruwa ya bi ta kai ya wuce. Don haka maganar su tare Kwara Kainji ya bushe ba ma sai an je ga doka ba, tulun bai kai girman haka ba. Kuma ruwan da ake juya injin wuta da shi ba ya ƙarewa, yana bi ta injin ya koma kogi. Abinda ke cin ruwa da gaske biyu ne, noman rani da kuma rana da ke shanye saman tafki.

Bari mu yi lissafin noman, lissafina ne na kan takarda don ka ga girman abin. Mu ƙaddara duk hekta 45,000 ɗin shinkafa za a yi sau biyu a shekara, kowace hekta ta sha kubik mita 20,000 a shekara, wanda na sa shi da yawa da gangan. Ka ninka, ya ba ka miliyan 900, bai kai biliyan ɗaya ba. Ka ƙara abinda rana za ta ɗauka daga tafkin, a ƙasa mai zafi irin Tilaberi tafki yakan rasa sama da mita biyu na zurfinsa a shekara. Duka-duka kana maganar 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na ruwan shekara. Ba ƙaramin ruwa bane, wuta ce za ta ragu a Kainji da Jebba tunda ruwa ɗaya ne ke juya su bi da bi, amma ba shi ne bushewa ba.

A ɗaya hannun sikelin me Nijar za ta ajiye? Za ta ce mafi yawan ƙasarta hamada ce, Kwara ne kaɗai babban kogin da take da shi mai gudu rani da damina, babban birninta daga shi yake sha, kuma a 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, mutane suka taka da ƙafa suka tsallaka. Za ta ce Najeriya tana da Binuwai da Kaduna da ruwan sama mai yawa a kudu da iskar gas ta yin wuta, ita kuwa fa? In ka bi abubuwa bakwai ɗin nan da zuciya ɗaya, ni a ganina Nijar tana da haƙƙin gina Kandaji, kuma duk lauyan da ya ce wa gwamnatinmu za ta iya hana shi gaba ɗaya bai faɗa mata gaskiya ba. Tun 1957 a shari'ar tafkin Lanoux tsakanin Faransa da Sifaniya aka yanke cewa na ƙasa ba shi da ikon hawa kujerar naƙi, haƙƙinsa shine a sanar da shi, a saurare shi da gaske, a saka bukatunsa a lissafi.

Amma haƙƙin ginawa daban, yadda za a sarrafa shi daban, kuma nan ne ya kamata Najeriya ta sa ƙarfinta.

Lokaci ya fi yawa muhimmanci

Ma'aikatan Kainji suna da kalmomi biyu da duk wanda ya yi aiki a wajen ya sani, farin ruwa da baƙin ruwa. Farin ruwa shine na daminarmu, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba daga kogunan kusa irin su Rima da Sakkwato, yana zuwa da laka shi ya sa ya yi fari-fari. Baƙin ruwa kuwa ruwan saman da aka yi ne a duwatsun Gini, ya gangaro ya shiga babbar fadamar Mali ya bazu ya yi watanni yana rarrafe, rana ta sha kusan kashi 40 nasa, lakarsa ta kwanta, sannan ya fito garau ya iso mana wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin mu nan muna cikin hunturu ko ɗigon ruwan sama babu. Wannan baƙin ruwan shi ke riƙe Kainji ya kai damina ta gaba, kuma shi ne ke bi ta Kandaji.

To ka ga tambayar da ta dace ba wai nawa za su ɗiba a shekara ba, a'a, a wane wata za su cika tafkin, kuma me za su yi a shekarar fari. In suka cika shi a hankali lokacin da ruwa ya yi yawa, suka sake shi a Afrilu da Mayu da Yuni, wallahi mu ma za mu amfana, don kubik mita 120 a daƙiƙa ya fi miliyan 10 a rana, a watannin da kogin kan kusa ƙafewa. Manoman Kebbi na bakin kogi za su ga ruwan da ba su saba gani ba a bazara. In kuwa aka zo shekara irin 1984 suka ce sai sun cika tulunsu tukuna kafin su saki, lokacin za mu ji a jikinmu. Rigimar Masar da Habasha ma in ka cire siyasa a kan wannan ta tsaya, shekara nawa za a ɗauka ana cikawa, kuma nawa za a saki in fari ya jera.

Akwai kuma abinda ya fi damuna fiye da Kandaji shi kaɗai, wato taruwar ayyuka. Mali tana da Selinge, tana ɗibar ruwa mai yawa a Markala don noman shinkafa da rake, tana da shirin Tawusa, Gini tana da shirin Fomi. Kowanne in ka auna shi shi kaɗai sai ka ce ai bai kai babbar illa ba, amma da ɗaiɗai da ɗaiɗai ake cinye tuwo, kuma mu ne na ƙarshen layi. Shi ya sa ba a iya wannan lissafi ƙasa biyu-biyu, sai a Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe tara, wadda aka kafa a 1980 hedkwatarta a Yamai, kuma a 2008 shugabannin suka sa hannu kan kundin ruwa na kogin wanda ya ɗauko wannan ƙa'ida ta adalci da ta sanarwa. Ficewar Nijar daga ECOWAS ba ta taɓa wannan ba, don hukumar ba reshen ECOWAS bace.

Yadda sanarwar take a yarjejeniyar 1997 kuwa a fili yake. Ƙasar da za ta yi aikin da zai iya taɓa maƙwabta za ta aika musu da bayanan aikin har da binciken illarsa ga muhalli. Suna da wata shida su yi nazari su amsa, suna iya neman ƙarin wata shida, kuma a tsawon lokacin ba za a fara aiwatarwa ba sai da yardarsu. In sun ce akwai matsala sai a zauna tattaunawa, suna iya neman a dakata wata shida kuma. In sun yi shiru har lokaci ya wuce, mai aiki ya ci gaba. Wannan na ƙarshen a riƙe shi da kyau, don sau da yawa ba ƙarfi ake fin ƙasa ba, takarda ce ke kwana a kan tebur har wa'adi ya cika.

Wata magana da nake so a yi hattara da ita ita ce ta wuta. Tun shekarun 1970 Najeriya ke ba Nijar lantarki ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma jami'anmu da kansu sun sha faɗa cewa hikimar ita ce kada Nijar ta ga bukatar datse kogin. Wannan dabara ce mai kyau, a fagenmu ana kiranta raba amfani maimakon raba ruwa. Amma da aka yanke wutar a Agusta 2023 bayan juyin mulki, har zuwa farkon 2024, an miƙa wa Nijar hujja a hannu. Ka tuna cikin abubuwa bakwai akwai ko ƙasa tana da wata mafita. Da muna iya cewa ga mafita nan, wutarmu mai araha. Yanzu za su ce mafitar da ake iya kashewa rana ɗaya ba mafita bace, kuma da wuya ka ce ba su da gaskiya.

Mu ma na sama ne

Wannan ɓangaren ne nake so 'yan Ƙofar Mata su fi saurara, don ya shafi ruwan da ke famfonsu. A Kwara Najeriya ce a ƙasa, a Binuwai ma haka, duk wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ya ji sunan dam ɗin Lagdo na Kamaru. Amma a kogin da ya fi kusa da mu, mu Kanawa mu ne na sama. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya bi ta fadamar Haɗeja da Nguru ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar a yankin Diffa kafin ya faɗa tafkin Chadi. Barkonon Diffa da ake ji da shi da wannan ruwan ake nomansa.

A 1974 aka gama Tiga, a 1992 aka gama dam ɗin Challawa a Ƙaraye, su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Da ruwan Tiga ake shayar da Kadawa da Kura, da su Tamburawa ke samun ruwan da take tacewa birni. Ba wanda zai ce Kano ba ta da haƙƙi, miliyoyin mutane ne ke sha, kuma ruwan sha shi ne kan gaba a doka. Amma me ya faru a ƙasa?

Na yi aikin auna ruwa a wannan yanki shekaru, kuma abinda na gani da idona ya koya min dokar nan fiye da takarda. Kafin dam, kogin yakan cika ya yi ambaliya da damina ya malale fadama, da rani ya ƙafe ƙaf. Ambaliyar ita ce arzikin mutane, da ita ake shinkafa, in ta ja baya a shuka a danshi, kifi ya hayayyafa, makiyaya su samu ciyawa, rijiyoyi su cika. Da aka yi dam sai ambaliyar ta ragu, kuma aka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa. Wannan shi kachala ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, wasu rassan suka toshe, ruwa ya karkata ya bi ta Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki da gidaje, wasu rassan kuma kamar Burum Gana suka koma ba sa samun na kirki. Wata rana wani dattijo ya ɗauke ni a kwalekwale ya kai ni inda ya ce gonar mahaifinsa take, muka tsaya a tsakiyar kachala da ta fi tsayin mutum, ba ka ganin komai sai ita da tsuntsaye jan baki da ke kwana a ciki su fita su cinye gero. Ya sa gora ya taɓa ƙasa ya ce min, "Injiniya, nan muke ɗaure jaki." Kwana biyu bayan nan ina wani gari a ƙasa da su, can kuma kukan rashin ruwa ake, mutane na haƙa rami a tsakiyar kogi suna sa injin ban ruwa.

Ka ga ruwa ɗaya, dam ɗaya, wani ya nutse wani ya bushe, kuma in ka duba jimillar ruwan shekara a takarda ba za ka ga wannan ba sam. Yau ruwan Haɗeja kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa Gashuwa, mafi yawan abinda Yobe da Diffa ke samu daga Jama'are yake zuwa, wanda ba a datse shi da babban dam ba. Shi ya sa duk lokacin da aka tado maganar dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi mutanen Yobe da Borno ke tashi tsaye, kuma Nijar ma tana da bakin magana a ciki.

Tana da shi ne a rubuce. A 1990 Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci, ta ƙunshi koguna huɗu: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙasan Komadugu Yobe. A Gada ma mu ne a sama, dam ɗin Jibiya a Katsina yana kan ruwan da ke gangarawa Maraɗi, kuma manoman can sun daɗe suna kuka da shi. Don haka duk hujjar da wakilinmu zai faɗa a Yamai kan Kandaji, ya sani za a juyo masa da ita kan Tiga da Jibiya. In ya ce na sama ba shi da ikon canza lokacin zuwan ruwa ba shawara, za a ce to ku fa? Ni ina ganin wannan alheri ne ma, don ƙasar da take sama a nan take ƙasa a can ita ta fi kowa bukatar doka ta tsaya daidai.

Inda dokar ta gaza

Ba zan ɓoye maka ba, ƙa'idar nan ba ta ba da lamba. Ba za ka buɗe ta ka ga an ce Najeriya kashi kaza Nijar kashi kaza ba, hanya ce ta zama a yi ciniki, lambar sai ƙasashen sun fitar da kansu. Kuma ba ɗan sanda. Kotun duniya ba ta sauraron ƙara sai ƙasashen biyu sun yarda da hurumin ta. Ta taɓa yin hukunci mai ƙarfi a 1997 tsakanin Hungary da Slobakiya, inda ta ce karkatar da mafi yawan ruwan Danube da ɓangare ɗaya ya yi shi kaɗai ya tauye wa Hungary rabonta na adalci, amma ko a nan ƙarshenta cewa ta yi su koma su sasanta. Abinda yarjejeniyar 1997 ta tanada wanda ƙasa ɗaya za ta iya tilastawa shine kwamitin binciken gaskiyar lamari, in an yi wata shida ana magana ba a daidaita ba, shi ma shawara yake bayarwa.

Sannan duk wannan ba ya aiki in ba awo. Babbar illa sai an nuna ta da lamba, ruwa nawa ke wucewa kafin aiki, nawa bayan aiki, a wane wata. Na taɓa zuwa wata tashar awo na tarar sandar ma'aunin ruwa ya tafi da ita tun daminar da ta wuce, mai karanta ta kuma ya yi watanni ba a biya shi ɗan alawus ɗinsa ba, littafin shekara guda fari fat. Irin wannan giɓin in aka zo teburin tattaunawa ɗaya ɓangaren zai ce fari ne ya rage muku ruwa ba mu ba, kuma ba ka da abin musu, tunda da gaske ruwan sama ya ragu sosai a shekarun 1970 da 1980, raba illar dam da illar fari kuwa sai da awo mai tsawo ba yankewa.

Don haka in Kandaji ya kusa fara aiki, abinda za ku sa ido a kai ku tambayi wakilanku shine ko an samu rubutacciyar ƙa'idar cika shi da sakinsa wadda Najeriya ta gani ta amince, musamman ta shekarar fari, da mafi ƙarancin ruwan da za a tabbatar yana tsallako iyaka a watannin Afrilu zuwa Yuni, da kuma ko masu kula da Kainji za su riƙa samun awon Kandaji kullum ba sai sun roƙa ba. Ana auna ruwan da ke shigo mana a Jidere Bode cikin jihar Kebbi, awon wannan tasha na watan Janairu da na Mayu shi zai fara nuna ko ana cika alkawari.